Me zan rubuta wa wanda zai gaje ni a kan Odoo kafin in bar aiki?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekara huɗu ina riƙe da manhajar lissafi da kaya ta Odoo, yanzu zubi na 16, a wani kamfanin siminti, shinkafa da mai a nan Damagaram, muna da reshe a Magarya. Saura mako uku in tafi. Alhaji ya ce in bar wa yaron da zai gaje ni takardar miƙa aiki, a kan rahotannin da na ƙera, da ayyukan da ke tashi da kansu, da matsalolin da ban gama ba. Na fara jero sunayensu na kai shafi tara, amma ban ga amfaninta ba. Me ya kamata ta ƙunsa?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Shafi taran nan ba su gamsar da kai ba ne saboda duk abin da ke cikinsu na'ura za ta iya faɗa wa yaron cikin minti biyar. Sunan rahoto yana kan allo, lokacin tashin aiki yana cikin rumbun bayanai. Abin da na'ura ba ta sani ba shi ne dalilin da ya sa ka yi abu yadda ka yi shi, da alamar da za a gane ya lalace, da abin da ke rataye da sunanka wanda zai faɗi ranar da aka rufe maka shiga. Waɗannan suna cikin kanka ne kawai, kuma su za su bi ka ka fita da su idan ba ka zauna ka zazzage su ba.

Bari in fara da rahoto, in ba ka abin da ya faru da ni, don ni ma na taɓa barin aiki irin naka kuma ban bar shi da kyau ba.

Ina da wani rahoto na bashin ƴan kasuwa da maigidan wurin yake dubawa kowace Litinin kafin ya yarda a ƙara wa wani kaya. A takardata na rubuta layi ɗaya: sunan rahoton da cewa yana nuna bashin kowane mai saye. Wata biyu da tafiyata sabon kontabul ya kwatanta shi da kont 411, wato kont ɗin masu saye a tsarin SYSCOHADA. Kont ɗin ya ce ana bin mutane sefa 61,480,000, rahotona ya ce 54,230,000. Tazarar sefa 7,250,000. Yaron da ya gaje ni ya kwana uku yana neman kuɗin, har aka fara kallon mai karɓar kuɗi da wani irin ido. Alhali ba abin da ya ɓata. Lokacin da muka kwaso lissafi daga littattafan hannu zuwa na'ura, akwai tsoffin basussuka na mutum uku da ake jayayya a kansu. Maigida ya ce in ajiye su gefe, kada su riƙa ɓata masa lissafin mako. Na zuba su a wani jurnal na daban, na kuma sa wannan a cikin rahoton:

```sql
WHERE am.state = 'posted'
  AND aa.account_type = 'asset_receivable'
  AND aml.journal_id NOT IN (14)
```

Wanda ya ga lamba 14 a nan, me zai gane? Ba komai. Shi kansa maigidan ya manta ya taɓa ba da umarnin.

To ga abin da ya kamata in rubuta, kuma shi nake so ka rubuta wa kowane rahoto da ake yanke shawara da shi. Ka faɗi wanda yake karanta shi da ranar da yake karantawa da shawarar da yake yankewa a kai. Ka faɗi abin da rahoton yake ƙirgawa, sannan, wanda ya fi wannan, abin da ka cire da gangan, da wanda ya ce a cire, da shekarar. Daga nan sai ka ba shi ma'auni. A nawa ma'aunin shi ne: jimillar rahoto, a haɗa da ragowar bashin da ke jurnal ɗin tsoffin basussuka, dole su yi daidai da abin da kont 411 ya nuna a ranar. Ka sa masa adadin ranar da ka rubuta, dukansu uku, don ya ga yadda lissafin yake haɗuwa da idonsa. Idan wata rana bai haɗu ba, ya san akwai matsala ta gaske. Idan ya haɗu, ya kwanta ya yi barcinsa.

Tun da kana da mako uku, ka gyara irin wannan lamba tun kana nan. Ka sa rahoton ya nemi jurnal da gajeren sunansa na `code`, ka kuma bar layin bayani a gefensa. Lambar `id` tana nan daram idan an maido da kwafin rumbu, amma ranar da aka sake gina tsarin daga farko aka shigo da bayanai, 14 na iya zama jurnal ɗin banki.

Akwai wani tarko da nake so ka duba a duk rahoton da ka rubuta da SQL kai tsaye. Odoo yana ajiye kwanan wata mai haɗe da sa'a a kan agogon UTC, mu kuwa a Nijar muna gaba da shi da awa ɗaya duk shekara. A kan allo ba ka ganin wannan, domin yana juya maka lokacin zuwa namu. Amma rahoton da ya shiga tebur da kansa ba wanda zai juya masa. Da rana babu bambanci. Sai cikin azumi, da ake lodi da dare bayan tarawihi: motar siminti da aka sallama ƙarfe 00:40 na 1 ga Afrilu, a cikin `stock_move` tana zaune a matsayin 23:40 na 31 ga Maris. Mai mangaza ya rubuta ta a Afrilu, rahotonka ya kai ta Maris, sai a wayi gari ana musu a kan buhu 600. Gyaransa layi ɗaya ne:

```sql
(sm.date AT TIME ZONE 'UTC' AT TIME ZONE 'Africa/Niamey')::date
```

Wanda ka gyara, ka ce ka gyara. Wanda ba ka samu ka gyara ba, ka rubuta sunansa ka ce duk abin da aka yi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya yana faɗawa jiya.

Ba kowane rahoto ne ya cancanci wannan wahala ba. Cikin guda ashirin ko talatin da ka ƙera, zan yi mamaki idan waɗanda ake buɗewa kullum sun wuce shida. Ka zagaya ka tambayi kontabul, mai mangaza da Alhaji wanne suke buɗewa. Sauran ka tara su a sakin layi ɗaya ka ce ba mai amfani da su. Ka dai faɗi inda lambobin kowanne suke zaune: cikin wane modil ne a `addons_path`, ko kuwa ka gyara shi ne kai tsaye ta kan allo. Wannan na biyun ka yi masa alama sosai. Idan ka taɓa samfurin faktir na asali ta kan allo, ranar da aka sabunta modil ɗin gyaranka na iya gogewa, kuma ba wani fayil da zai tuna da shi.

Yanzu ayyukan da ke tashi da kansu. A nan ne aka fi yin asara, domin rahoto idan ya lalace wani zai yi ƙorafi, shi kuwa aikin dare idan ya mutu shiru kake ji.

Suna ɓuya a wuri fiye da ɗaya. Na farko cikin Odoo ne, a `Paramètres > Technique > Automatisation > Actions planifiées`. Kada ka kwafe su da hannu, ka fitar da su haka ka manna sakamakon a ƙarshen takarda:

```sql
SELECT c.cron_name, u.login, c.interval_number, c.interval_type,
       c.nextcall, c.lastcall, c.numbercall
FROM ir_cron c JOIN res_users u ON u.id = c.user_id
WHERE c.active ORDER BY c.nextcall;
```

Yawancinsu na Odoo ne da kansa, ba ruwanka da su. Idonka ya tafi kan layin `login`. Duk inda ka ga sunanka, aikin yana gudana ne da izininka. Ranar da ka tafi za a cire maka izini, kuma daidai ne a cire, sai aikin ya tashi ya nemi ya rubuta a lissafi a hana shi. Kuskuren yana tafiya fayil ɗin log, allo ba ya nuna komai. Kada yaron ya dogara da `lastcall`, don a wannan zubin kwanan na iya ci gaba ko da aikin ya faɗi a hanya. Maganin shi ne ka buɗe asusun shiga na musamman don waɗannan ayyuka, wanda ba na kowa ba ne, mai izinin da suke bukata kawai, ka mayar da su kansa yau. Sai ka samu mako uku kana kallon ko sun ci gaba da tafiya. Ka duba `numbercall` ma: `-1` yana nufin ba iyaka, amma idan ka ga wata lamba, ƙirge take yi, idan ta ƙare aikin ya tsaya. Sa'o'in da ke `nextcall` kuma na UTC ne, ka ƙara awa ɗaya kafin ka rubuta masa.

Wuri na biyu shi ne kan babbar na'urar kanta, a wajen Odoo:

```bash
sudo ls /var/spool/cron/crontabs
ls /etc/cron.d /etc/cron.daily
systemctl list-timers --all
```

Layin farko zai nuna maka, a Debian ko Ubuntu, duk wanda yake da `crontab`. Ina kyautata zaton za ka ga sunanka, kuma ina kyautata zaton kwafin ajiya na dare yana ciki, don haka yawancinmu muke yi ranar farko muna cewa za mu gyara daga baya. Idan aka goge asusunka ko aka sa masa wa'adin ƙarewa, wannan aikin ya tsaya. Ko da an ɗauke layin an kai wani asusu, idan kalmar sirrin rumbu tana cikin `~/.pgpass` na gidanka, `pg_dump` ba zai samu shiga ba.

Kwafin ajiyar nan ka ba shi shafi guda shi kaɗai, ya cancanta. Ka rubuta ƙarfe nawa yake tashi, ina yake ajiyewa, kwana nawa ake riƙewa, da girman fayil ɗin jiya. Girman nan shi ne ma'auninsa. Idan jiya mega 410 ne, yau ya kamata ya zama kusa da haka ko ya ɗara kaɗan. Ranar da ya ga mega 12, ko sifili, to faifai ya cika ko aikin ya katse. Samuwar fayil mai kwanan yau ba ta tabbatar da komai.

Sannan ka faɗa masa a fili ko kwafin ya haɗa da `filestore`. `pg_dump` rumbun bayanai kawai yake ɗauka. Hotunan takardun duwan, faktir ɗin masu kawo kaya da aka liƙa, da duk abin da aka makala wa wani rubutu, suna cikin wani kundi dabam a kan faifai, a ƙarƙashin `data_dir`. Wanda ya maido da rumbu ba tare da wannan kundin ba zai ga sunan kowace takarda, ya danna ta ƙi buɗewa.

Ga kuma maganar wuta, wadda mu a nan ba ma iya tsallake ta. Idan ka sa kwafi ƙarfe biyun dare, wuta ta ɗauke ƙarfe ɗaya, batir ya ƙare, ba a tada gurup ba sai da safe, to `cron` ba ya rama abin da ya wuce shi. Daren nan babu kwafi, kuma ba zai faɗa wa kowa ba. A watannin zafi, Afrilu da Mayu, ana iya jera darare haka. Ayyukan cikin Odoo sun bambanta: idan na'ura ta dawo, wanda lokacinsa ya wuce yana tashi. Wannan ma yana da nasa ciwon, domin aikin da ka tsara don tsakar dare sai ya tashi ƙarfe takwas na safe lokacin da kowa ke buga faktir, tsarin ya yi nauyi. Ka rubuta masa wanne ne yake rama, wanne ne ba ya ramawa. Idan da hali ka mayar da kwafin kan `systemd` da `Persistent=true`, wanda yake ramawa da zarar na'ura ta tashi, ko kuma ka ƙara wani kwafin da rana lokacin hutun azahar.

Wuri na uku da ayyuka ke ɓuya shi ne kai kanka. Akwai abubuwan da kai ne agogonsu, har ka daina ganin su a matsayin aiki. Tun da kuna sayen kaya daga Kano, wa yake shigar da farashin naira? Idan kai ne kake tambayar ƴan canji da safe ka buga, ka sani ranar da ba a buga ba Odoo ba zai yi kuka ba. Zai ɗauki farashin ƙarshe da aka shigar ya ci gaba da lissafi da shi, ko da na wata uku da suka wuce ne, kuɗin sayen kaya ya karkace, riba ta karkace tare da shi. Irin wannan ne goge tsoffin fayil idan faifai ya kusa cika, da sabunta sunan yanar gizo, da rufe kwanan lissafi bayan kontabul ya gama harajin wata. Hanyar kamo su ita ce ka ajiye ƙaramin littafi a gefenka daga yau, duk abin da hannunka ya taɓa ka rubuta. Na ƙarshen wata da na ƙarshen shekara kuwa, ka bi tsoffin saƙonninka na Disamba da Janairu, za su tuna maka.

Sai matsalolin da ba a gama ba. A nan mutane suke jin nauyi, suna ganin kamar tona wa kai asiri ne, sai su rubuta "akwai ƴar matsala a kayan Magarya, ana kan dubawa". Wannan layin bai taimaki kowa ba. Ga yadda zan rubuta irinta:

"Siminti a mangazar Magarya yana nuna buhu 40 ƙasa da sifili tun farkon watan jiya. Na tabbatar cewa akwai takardar tura buhu 200 daga Damagaram da aka sallama a nan amma ba a karɓe ta a na'ura can ba, su kuma sun ci gaba da sayarwa. Mai mangaza ya ce buhu 190 suka iso. Ina zaton goman sun fashe a hanya ne, amma ban ga takardar direba ba. Kada a daidaita wannan da gyaran ƙidaya. Idan aka yi haka, sannan daga baya aka karɓi takardar turawar, kayan za su shiga sau biyu. Alhaji ne zai yanke wanda zai ɗauki asarar buhu goman, bayan haka a karɓi 190, a fitar da 10 a matsayin asara."

Ka lura na raba abin da na tabbatar da abin da nake zato. Idan ka cakuɗa su, yaron zai ɗauki zatonka a matsayin gaskiya ya gina a kai. Ka lura kuma da "kada". Sabon mutum yana son ya nuna ƙwazo, kuma gyaran da ya fi sauƙi a kan allo sau da yawa shi ne wanda ka riga ka gane bai dace ba. Wanda ka gwada bai yi ba ma ka rubuta, kada ya ɓata mako yana maimaita shi. Kuma ka jera su bisa abin da zai fara cizo, wanda ke da wa'adi a sama, ba bisa ranar da suka faru ba.

Kalmomin sirri kada su shiga takardar, domin za ta zaga hannuwa, wataƙila har a tura ta ta waya. Ka rubuta sunan kowane makulli da inda aka ajiye shi: kalmar `admin_passwd` da ke cikin `odoo.conf`, ta rumbun bayanai, ta shiga babbar na'ura, ta akwatin imel da faktir ke fita ta cikinsa. Su kansu ka miƙa su hannu da hannu gaban Alhaji, yaron ya canza su a ranar. Wannan kariya ce gare ka kai ma, don abin da ya faru bayan tafiyarka kada a ce da makullinka aka shiga. Ka tuna da lambar wayarka. Idan ita ce ke karɓar saƙon tabbatarwa na imel ɗin kamfani ko na wurin da kuke ajiye kwafi a yanar gizo, ka sauya ta tun kana kusa.

Game da harshe, ka rubuta da wanda yaron ya fi karantawa da sauri, Faransanci ko Hausa, amma sunayen da ke kan allo ka bar su yadda suke harafi da harafi. Shafin farko kuma ka yi shi don Alhaji: abubuwa uku ko huɗu da ke jiran shawararsa, ba tare da lambobin na'ura ba.

Ka gama rubutun cikin makon farko, don sauran biyun na gwaji ne. Ka ba yaron takardar da wata na'ura dabam, ka ce ya maido da kwafin daren jiya, rumbu da `filestore` duka, ya fitar da rahoton bashi, ya haɗa shi da kont 411. Kai kuma ka zauna gefe ka kama bakinka, ko da kana ganin yana shirin kuskure. Duk inda ya tsaya ya waiwayo ka, nan takardar take da rami, sai ka cike shi a rubuce maimakon ka faɗa masa da baki. Abu ɗaya kawai za ka tsaya a kai kafin ya tada kwafin: ya kashe masa ayyukan dare da hanyar fitar imel.

```bash
odoo-bin neutralize -c odoo.conf -d kwafin_gwaji
```

Idan bai yi haka ba, kwafin gwajin zai ɗauka shi ne na gaske, ya fara aika wa ƴan kasuwa saƙon tunin bashi karo na biyu. Ka tabbata sunan da ke bayan `-d` na kwafin ne, ba na rumbun da ake aiki da shi ba. Idan makonnin nan uku sun ratsa ƙarshen wata, ka bar shi ya yi rufin watan da hannunsa kana zaune. Idan ba su ratsa ba, ku yi na watan jiya a kan kwafin gwajin.